Yadda na gyara ƙirgen ƙwayoyin cutar da ke cikin kindirmo

Kwana uku ina tsarma samfurin kindirmo daki-daki don ƙirga ƙwayoyin cutar da ke cikinsa, lissafi ya ƙi fita. Faranti na 10⁻⁴, wato wanda aka tsarma samfurinsa sau dubu goma, ya cika maƙil da ɗigon ƙwayoyin da suka tsiro, wanda ba laifi ba ne, amma na 10⁻⁵ da na 10⁻⁶ kusan adadinsu ɗaya, alhali ya kamata kowane mataki ya ragu sau goma.

Na fara zargin abincin ƙwayoyin, ashe hannuna ne. Da bakin bututun awo guda nake ɗibar mililita 1 daga kwalba zuwa kwalba, ragowar samfuri mai kauri yana manne a jikinsa yana bi na har kwalbar ƙarshe. Kuma kindirmo yana da gudaji. Idan ba a girgiza sosai ba, dunƙule guda mai ƙwayoyi da yawa sai ya tsiro a matsayin ɗigo ɗaya.

Na sake daga farko: mililita 1 cikin mililita 9 na ruwan gishiri da aka dafa, sabon baki a kowane mataki, girgiza kafin kowace ɗiba. Na shimfiɗa mililita 0.1 a faranti biyu-biyu, na kife su a ɗumama.

Na 10⁻⁵ ya ba ni ɗigo 148 da 156, na 10⁻⁶ kuwa 14 da 17. Na 10⁻⁶ ɗin na yi watsi da su, don ba su kai 30 ba, mafi ƙarancin adadin da ake dogara da shi. Matsakaicin na farko 152, ga lissafin a CFU/mL, wato adadin ƙwayoyi ko dunƙulensu masu iya tsirowa a kowace mililita:

```
152 / (0.1 × 10⁻⁵) = 1.52 × 10⁸ CFU/mL
```

Wannan 0.1 ɗin, sau biyu na taɓa manta shi, amsa ta ragu sau goma.