Yadda Ake Cika Sikwaya Don Warware Intagiral Mai Kaiwa Ga arctan

Bari mu ɗauki wannan misali: ∫ dx/(x² + 6x + 13).

1. Da farko ka duba ko abin da ke ƙasan layi zai rabu zuwa fakta. Lissafa b² − 4ac. A nan 36 − 52 = −16. Tunda amsar ta gaza sifili, ba zai rabu ba, kada ka ɓata lokacinka wajen neman fakta.

2. Ɗauki rabin lambar da ke manne da x. Rabin 6 shi ne 3, kuma (x + 3)² yana ba da x² + 6x + 9. Mu kuwa 13 muke da shi, saura 4 ke nan. Don haka ƙasan ya koma (x + 3)² + 4. Idan akwai wata lamba a gaban x², sai ka fara fitar da ita waje kafin ka raba biyu.

3. Sanya u = x + 3, sai du = dx. Yanzu muna da ∫ du/(u² + 2²).

4. Yi amfani da ƙa'idar ∫ du/(u² + a²) = (1/a) arctan(u/a) + C. A nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe, shi ya sa nake yawan nanata shi: a ita ce 2, ba 4 ba, domin a² ce ke daidai da 4. Wasu kuma sukan manta da 1/a ɗin da ke gaba gaba ɗaya.

5. Mayar da x + 3 a gurbin u. Amsa: (1/2) arctan((x + 3)/2) + C.

Kana iya gwada amsar da difaranshiyeshan. Za ka sami (1/4)/(1 + (x + 3)²/4). Ka ninka sama da ƙasa da 4, sai 1/((x + 3)² + 4) ta dawo. Idan saman ya fito 2 maimakon 1, to 1/a ɗin ka yar a hanya.