Yadda na gyara sharhin makara a takardar tantance ma'aikaci

Da farko na rubuta cewa ba shi da ladabin aiki, kullum a makare yake zuwa. Ya ƙi sa hannu, kuma gaskiyarsa, domin hali na zarga, ga "kullum" ɗin ma ba haka ba ne.

Sai na ɗauko rajistar shigowa na ƙirga, na sake rubutawa: "A watanni 3 da suka wuce ya iso bayan ƙarfe 8:30 har sau 11, alhali ofis na buɗewa ƙarfe 8:00, masu jiran rasit suna tsaye. Lissafinsa kuwa babu kuskure. Za mu sake duba rajistar bayan wata 1."

Na bar masa layin bayani. Ashe yara yake kaiwa makaranta. Ya sa hannu.