Kurakuran da ake yi wajen rubuta wa maƙwabci takardar rabon kuɗin ruwa

A gidan haya mai famfo ɗaya da iyalai uku ko huɗu, takardar kuɗin ruwa guda ɗaya hukuma take kawowa, da sunan mai gida ko sunan gidan. Dole wani daga cikin 'yan haya ya karɓa, ya raba, ya sanar da sauran. A unguwanni irin su Sabon Gari a Kano, ko cikin garin Kaduna da Jos, sau da yawa akwai maƙwabcin da yake jin Hausa a baka amma karanta ta tana ba shi wuya, don haka ake rubuta takardar rabon da Hausa a haɗa da ta Turanci. Yawancin rigimar da ke biyo baya daga yadda aka rubuta saƙon take tasowa, ko da kuɗin ba su taka kara sun karya ba.

Babban kuskure shi ne a aika wa mutum adadi tsirara: "Kuɗin ruwanku dubu huɗu da ɗari takwas ne." Wanda ya karanta wannan ba shi da hanyar sanin daga ina lissafin ya fito, kuma mutum in bai ga hanya ba, zargi yake fara yi. Gyaran shi ne a sa lissafin gaba ɗaya a cikin saƙon, a haɗa da hoton takardar hukumar, ta yadda maƙwabci zai iya ɗaukar biro ya sake lissafawa da kansa. A ganina wannan ya fi doguwar gaisuwa nuna girmamawa, domin ka nuna masa ba ka ɓoye komai ba.

Kafin ma a kai ga rubutu, a duba takardar da kyau. Galibi akwai kuɗin wannan wata, akwai kuma bashin baya, sannan jimillarsu a ƙasa. Mutane da yawa jimillar kawai suke gani su raba, sai bashin watannin baya ya hau kan wanda bai daɗe da tarewa ba. Mu ɗauki misali. A ce takarda ta zo da naira 18,000: kuɗin wata 12,000, bashin baya 6,000. Gidan yana da iyalai huɗu, ɗaya mutum 6, ɗaya 3, wani saurayi shi kaɗai, sai sababbin aure su 2 da suka tare a watan nan. In aka raba ƙofa ƙofa, kowa zai biya 4,500, wato saurayin da ke wanka da bokiti ɗaya ya biya daidai da mai iyali shida, amarya da ango kuma su biya ruwan da aka sha kafin zuwansu.

In aka bi yawan mutane, kuɗin wata 12,000 a kan mutum 12 ya zama 1,000 kowane kai. Bashin 6,000 kuwa na tsofaffin 'yan haya ne kaɗai, su 10, wato 600 kowane kai. Sai mai mutum shida ya biya 9,600, mai uku 4,800, saurayi 1,600, sababbin aure 2,000. A tara a gani: 18,000 cif. In tarawar ba ta koma kan adadin takarda ba, akwai kuskure, kada a aika.

Sai dai kada mai rubutu ya zaɓi tsarin rabo shi kaɗai ya kawo wa mutane kamar hukunci. Ƙofa ƙofa ne ko kai kai, ana lissafa jarirai ko ba a yi, mai sana'ar wankau ko mai ƙullin zoɓo da ƙanƙara za ta ƙara wani abu ko a'a, duk wannan magana ce ta baki da baki, a zauna a tsakar gida a gama ta. Takarda tana tuna abin da aka amince ne kawai. In ba a taɓa zama ba, saƙon farko ya zama na neman shawara.

Sai harshe. "Ku kawo kuɗi gobe" umarni ne, kuma kai ba mai gida ba ne. Haka nan sako ƙorafi a ciki, irin su "tunda yaranku ne ke barin famfo a buɗe", yana sa a manta da kuɗin a koma kare kai. In akwai maganar ɓarnar ruwa, a ware mata wata rana. Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, su yi ta ba da haƙuri da kewaye-kewaye har a gama karantawa ba a san nawa ake nema ba, ko yaushe. "In hali ya yi" ba rana ba ce. Ga yadda za a iya rubuta wa dattijo mai mutum uku:

"Assalamu alaikum Baba, barka da yamma, ya iyali? Takardar ruwa ta wannan wata ta iso, ga hotonta nan. Jimilla naira 18,000 ne: na wata 12,000, bashin baya 6,000. Bisa yadda muka amince a raba kai kai, na wata ya kama 1,000 kowane mutum, bashin kuma 600 a kan mu tsofaffin 'yan haya. Naku na mutum uku ya zama 4,800. Ina so in je in biya ranar 10 ga wata, don kada a zo yanke mana ruwa. In da hali a ba ni kafin ranar, in kuma kun ga gyara a lissafin, don Allah ku sanar da ni. Zan kawo rasit kowa ya gani. Na gode, Allah ya bar zumunci."

A lura da "ku" da "naku" maimakon "ka" da "naka", da kuma kiransa Baba. Mace babba a ce Hajiya ko Mama, sa'a a ce Malam ko Yaya. Saƙon kowa a kai masa shi kaɗai. Liƙa sunayen waɗanda ba su biya ba a jikin ƙyauren gida, ko aika yaro ya faɗa a gaban baƙi, tozarci ne, kuma wanda aka tozarta ba ya saurin biya. In matar aure ce kuma mijinta ke riƙe da harkar kuɗin haya, shi ya kamata a rubuta wa.

Ta Turancin kuma kurakuranta iri biyu ne. Na farko, a juya ta kalma da kalma, har addu'o'i da gaisuwa su fito wani iri, mai karatu ya rasa gane manufar. Na biyu ya fi muni: a yi ta Hausa da taushi da bayani, ta Turanci kuma layi biyu busassu, adadi da rana kawai. Maƙwabcin da ya karɓi wannan zai nuna wa wani, ya gane an yi masa daban, ya ɗauka don shi baƙo ne. Gyaran shi ne a sake rubuta ta daga tushe da sauƙin Turanci: gaisuwa gajeriya wadda ta dace da shi da addininsa, sannan abubuwa iri ɗaya a jere iri ɗaya, wato jimilla, bashi, tsarin rabo, kasonsa, ranar biya, damar gyara da alkawarin rasit. A rubuta kuɗi da lambobi a duka biyun, a rubuta sunan wata a fili, sannan a ajiye su gefe da gefe a duba lamba bayan lamba. In Turancinka bai kai ba, ka ba ɗalibin gidan ya duba maka, amma lambobin kai za ka tabbatar.

Bayan an biya, a tura hoton rasit ga kowa a ranar, a kuma duba takardar wata mai zuwa a ga ko an cire bashin. In ya sake fitowa, rasit ɗin nan shi za a ɗauka a je ofishin hukumar ruwa da shi.