Kurakuran da muke yi in za mu fasa mitin

Ni ne sakataren kwamitin ruwa na garinmu, nan gefen Ringim, kuma abin da zan faɗa a kanmu ya faru, ba labarin wani ba ne. Sumon bohol ɗinmu mai sola ya ƙone ana tsakiyar bazara, yara suka koma jido daga rijiya, sai muka sa mitin ran Asabar bayan la'asar a ƙofar gidan dagaci don a raba wa kowane gida abin da zai kawo. Ran Laraba sai ga wani ɗan garin da ke kasuwanci a Kano ya aiko da kuɗin sabon sumo, ran Alhamis mai gyara ya sa, ruwa ya dawo. Mitin ba shi da sauran amfani. Na rubuta a guruf ɗinmu na WhatsApp cewa "an ɗaga mitin ɗin jibi", na ɗauka na gama.

Ran Asabar wallahi sai ga dattijai uku daga unguwar gabas sun biya ɗan acaɓa sun zo, ga Arɗo ya taso tun daga ruga a ƙafa, sun tarar ko tabarma ba a shimfiɗa ba. Arɗo bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi "to Malam, ashe ba da mu ake ba." Na fi sati wannan maganar tana ci na.

Babban kuskuren shi ne hanyar da sanarwar ta bi. Lokacin gayyata mun bi hanya huɗu: liman ya faɗa bayan sallar magariba, mai shela ya zaga, na tura a guruf, sannan an tura yaro takanas wajen Arɗo. Amma da aka zo fasawa sai guruf kaɗai. Alhali rabin mutanenmu ƙaramar waya ce a hannunsu, mai babbar ma wataƙila ba data ko tana wajen mai caji tun safe. Gyaran mai sauƙi ne: duk ƙofar da gayyata ta shiga, fasawa ma ta nan za ta shiga. Wanda aka aika wa mutum, a sake aika masa mutum. Kuma ku fara da na nesa, don shi ne zai kashe kuɗin mashin ya bar aikinsa, na kusa ko a bakin masallaci zai ji. In ka tura saƙo ba ka ga amsa ba, kada ka ce ya gani, kira shi. A guruf kuma ka haɗa da boyis, ba kowa ke karanta boko ba.

Sai kalmar da na yi amfani da ita. Na ce "an ɗaga", kuma ɗagawa daban fasawa daban. Wanda ya ji an ɗaga zai zauna jiran sabuwar rana, shi ya sa har sati biyu ana tare ni a kasuwar Gujungu ran Lahadi ana cewa yaushe ne mitin ɗin nan naku. Mu Hausawa muna jin nauyin cewa an fasa, kamar rashin kunya ne, sai mu fake da "sai yadda hali ya yi" ko "za ku ji mu". To wannan karar ita ke jawo zargi daga baya. In babu mitin a ce babu, a kuma faɗi dalili a jimla ɗaya. In ba ka faɗi dalili ba mutane za su samo nasu, kuma nasu ba ya daɗi: mu an ce wai 'yan kwamiti sun zauna su kaɗai sun raba kuɗin da aka aiko.

Akwai kuma maganar wa zai fara ji. Mitin a ƙofar dagaci za a yi, da izininsa aka sa rana, amma a bakin ɗansa ya ji an fasa. Wannan ba daidai ba ne ko kaɗan. Sakatare ba ya soke taro shi kaɗai. Ka fara da ciyaman, ku biyu ku je wajen dagaci, "Ranka ya daɗe, matsalar da za mu zauna a kanta Allah ya kawo mafita, muna ganin a bar mutane su huta, ko kana da abin da kake so a tattauna?" Minti biyar ne. Wani lokacin ma shi zai ce a'a, akwai wata magana, a bar zaman.

Abin da ya fi komai tayar da ƙura shi ne kuɗi. Kafin mitin gida goma sha huɗu sun riga sun kai wa ma'aji dubu ɗaya ɗaya, dubu goma sha huɗu kenan, kuma saƙona bai ce komai a kansu ba. Mitin ya mutu amma abubuwan da ke ajanda ba su mutu ba. Sai ka ɗauko takardar ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka tambayi kanka, wannan ya ƙare ko kuwa, in bai ƙare ba wa zai yi, kuma zuwa yaushe. Namu uku ne: sayen sumo ya ƙare, kuɗin da aka karɓa bai ƙare ba, maganar mai gadin faifan sola ma ba ta ƙare ba. Kalmar "za a duba" ba mataki ba ce, sai an kama sunan mutum da rana.

Ga yadda ya kamata saƙon ya kasance, shi na yi ta karanta wa mutane daga baya:

"Assalamu alaikum. Mitin ɗin kwamitin ruwa na ran Asabar bayan la'asar an fasa shi, ba ɗagawa aka yi ba, kada kowa ya taso. Dalili, an samu wanda ya sayi sumo kuma ruwa ya dawo, Allah ya saka masa da alheri. Wanda ya riga ya ba da dubu ɗaya ya je wajen ma'aji ran Juma'a bayan an sauko masallaci ya karɓi abinsa. Maganar mai gadi ciyaman zai ji ra'ayin masu unguwanni ya kawo amsa a zaman ƙarshen wata. Mun gode da shirin da kuka yi, a yi mana afuwa."

Godiyar nan ta ƙarshe ba ado ba ce, akwai wanda ya fasa zuwa biki ko ya bar ban-ruwa saboda ku. Amma kada a cika ban haƙuri har ya zama kamar an yi laifi, sau ɗaya ya isa. Kuma kada a sa habaici irin "tunda dama ba kwa zuwa", ko da gaskiya ne ba ranarsa ba ce.

In lokaci ya ƙure, misali da safiyar ranar aka yanke shawara, to mutum ɗaya daga kwamiti ya je wurin ya zauna a kan lokaci, ya tari duk wanda saƙo bai kai wa ba, ya ba shi ruwa ya yi masa bayani. Kada a manta da mai hayar benci da matar da aka ce ta dama kunun zaƙi, in ta riga ta jiƙa gero a biya ta kuɗinta.

Arɗo kuwa ran Litinin na ɗauki mashin na je har ruga da goro, na ba shi haƙuri na gaya masa zaman ƙarshen wata da shi za a yi, tunda maganar wurin shayar da shanu ma tana ciki. Ya ce in aiko masa yaro ana saura kwana biyu.