Yadda ake kwashe hotuna masu yawa daga kyamara zuwa kwamfuta ba tare da asarar ko ɗaya ba

Da farko a kashe kyamara, a zare katin ajiya, a tura ɗan makullin da ke gefen katin SD zuwa wajen da aka rubuta Lock, sannan a sa shi a na'urar karanta kati. Wannan ya fi haɗa kyamarar da waya, domin batirin kyamara na iya mutuwa ana tsakiyar aiki. Makullin kuma yana hana kwamfuta goge wani abu a katin.

Abin da za a kwafa shi ne jakar DCIM, inda kyamara ke ajiye hotuna a katin, baki ɗayanta, kuma da Copy, ba da Cut ba. A nan ne aka fi tafka asara. Kyamara tana lambanta hotuna daga 0001 zuwa 9999, idan ta kai ƙarshe sai ta buɗe sabuwar jaka ta koma farko, saboda haka 100CANON da 101CANON kowace tana iya ƙunsar IMG_0001.JPG alhali hotunan daban ne. Wanda ya zuba su wuri ɗaya ya danna Replace ya shafe ɗaya da hannunsa. Shi ya sa ya kamata kowane kati ya sami tasa jakar mai ɗauke da kwanan wata, a bar jakunkunan ciki yadda suke.

A Windows, idan katin yana E: kuma za a kwafa zuwa faifan D:, rubuta wannan umarnin a Command Prompt ya isa:

```
robocopy E:\DCIM D:\Hotuna\2024-03-15 /E /COPY:DAT /DCOPY:T /R:2 /W:5
```

Sashen /COPY:DAT yana riƙe ainihin kwanan watan kowane fayil. Shi kuwa /R:2 yana taƙaita sake gwaji zuwa sau biyu, don in ba a sa shi ba, fayil ɗaya da ya lalace zai tsayar da aikin, ana ta maimaitawa har sau miliyan. Idan an gama, a duba rukunin FAILED a rahoton ƙarshe, dole ne ya nuna sifili.

Bayanan EXIF, wato lokacin ɗauka da samfurin kyamara da saitin ruwan tabarau, suna cikin fayil ɗin kansa, kuma kwafi ba ya taɓa su. Abin da ke cire su shi ne tura hoto ta manhajar hira da ke matse shi. A tabbatar suna nan da ExifTool, manhajar da ke karanta waɗannan bayanan:

```
exiftool -DateTimeOriginal -Model IMG_0001.JPG
```

Sai a kwatanta yawan fayiloli da girmansu a Properties na ɓangarorin biyu, a kuma buɗe wasu hotuna daga kowace jaka, musamman na RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba, domin ƙaramin hoton nuni yana iya fitowa lafiya alhali asalin ya lalace. A ganina bai dace a share katin ba sai hotunan sun zauna a faifai biyu mabambanta, kuma a cikin kyamarar ake yin Format, ba a kwamfuta ba.