Yadda ake bayyana dalilin hana ka bizar ziyara ta Birtaniya daga takardar da aka ba ka

Gwaggona malamar makaranta ce a Jos. Ta nemi bizar ziyara don halartar bikin yaye ɗanta a Birtaniya, ta je Abuja aka ɗauki hoton yatsunta, bayan 'yan makonni amsa ta zo cewa an hana ta. Da na tambaye ta dalili sai ta ce, "Ɗana, ba sa son mu ne kawai." Abin ya dame ni, domin dalilin yana rubuce a takardar da ke hannunta, kuma fam ɗin da za ta sake cikawa zai tambaye ta ko wata ƙasa ta taɓa hana ta biza.

Da farko, ka raba takardar kashi biyu. Akwai wurin da jami'in ya kawo lambar doka, akwai kuma wurin da ya faɗi abin da ya gani a takardunka. A bizar ziyara, lambar da aka fi gani ita ce V 4.2. Idan an rubuta (a), bai gamsu za ka bar ƙasar bayan ziyarar ba. Idan (c) ce, bai gamsu cewa abin da ka ce zai kai ka shi ne ainihin nufinka ba, (e) kuwa maganar isassun kuɗi ce. Mutane da yawa nan suke tsayawa, su ce "an ce ba zan dawo ba", alhali wannan hukunci ne kawai. Hujjar tana cikin sakin layin da ke samansa.

Sai ka ɗauki biro ka ja layi a ƙarƙashin kowace jimla mai ɗauke da adadi ko kwanan wata. A takardar Gwaggo biyu muka samu. Ta rubuta albashinta naira 180,000 ne a wata, amma naira miliyan 3 sun shiga asusunta mako biyu kafin ta nemi bizar, ba tare da wata shaidar inda suka fito ba. Ta kuma ce za ta kashe naira miliyan 2.5 a tafiyar, wato kusan albashinta na wata 14. Daga nan ne jami'in ya yi shakkar ko kuɗin nata ne, shakkar kuma ta shafi duk sauran abin da ta faɗa.

Mataki na gaba shi ne ya fi cin lokaci. Kowace jimla da ka ja wa layi, ka tambayi kanka: wace takarda ce za ta amsa ta? Kuɗin Gwaggo na adashe ne, kwasarta ce ta zo. Halal ɗinta ne, amma jami'in da ke duba takardar banki bai san uwar adashe ba. Muka fito da bayanan asusu na watannin baya da ke nuna zubin da take turawa duk wata, muka karɓi wasiƙar uwar adashen da sa hannunta. Da Hausa ta rubuta, don haka sai da aka haɗa da fassarar Turanci mai ɗauke da suna da sa hannun mai fassarar. Batun kuɗin tafiya kuma, ashe ɗanta ne zai ɗauki nauyin masauki da abinci, amma mutumin da ya cika mata fam bai rubuta ba. A ganina wannan sakacin ya fi na adashen ban takaici, domin gyaransa layi ɗaya ne da wasiƙar ɗan da shaidar kuɗinsa.

Daga nan sai rubuta bayanin dalilin hana ka bizar, wanda za ka saka a sabon fam. Ka kawo ranar da ke kan takardar, da lambar dokar, da abin da jami'in ya ce, sannan amsarka da sunan shaidar da ka haɗa. Ma'anar abin da muka rubuta ke nan: "An hana ni bizar ziyara a ƙarƙashin V 4.2 (a) da (c) saboda ban nuna asalin naira miliyan 3 da suka shiga asusuna ba. Kuɗin adashe ne, ga shaidar zubi da wasiƙar mai riƙe da shi." Babu roƙo, babu zargin jami'i.

Kada wani ejan ya ce maka ka amsa "a'a" a tambayar ko an taɓa hana ka biza, wai tunda ka canza fasfo. Hoton yatsunka yana wurinsu, kuma idan aka kama ka da ƙarya ana iya hana ka shiga har shekara 10. Galibi ba a ɗaukaka ƙara a kan bizar ziyara, ƙarshen takardar ma zai faɗa maka haka. Sake nema ne hanya, da sabon biyan kuɗi, shi ya sa na roƙi Gwaggo kada ta koma Abuja sai kowace jimla da muka ja wa layi ta samu takardarta.