Darasi na Bakwai: Akwai Kuɗi a Asusu, Amma Kati Ya Ƙi

Idan mai POS ya ce katinka ya ƙi, kada ka juya ka tafi, kuma kada ka ce ya sake sakawa. Karɓi 'yar takardar da na'ura ta fitar tukuna. A jikinta za ka ga kalmar `DECLINED`, ma'anarta an ƙi biya. Kusa da ita sau da yawa akwai lamba mai alƙaluma biyu, ita ce ke faɗin dalili. Lamba 51 ce kaɗai ke nufin kuɗi ba su isa ba. Idan ka ga 55, lambar sirrinka ka kuskure, kuma kuskure uku a jere yana rufe kati. Idan 91 ce, na'ura ba ta samu bankinka ba, sai ka jira.

Lamba 61 kuwa tana nufin ka wuce iyaka. Kowane kati yana da adadin da aka yarje masa ya kashe a rana ɗaya, komai yawan abin da ke cikin asusu. A ce Talatu tana da naira 180,000, iyakar katinta kuma 100,000 ce a rana. Da safe ta biya 30,000 na buhun masara. Da la'asar ta zo sayen keken ɗinki na 90,000, kati ya ƙi. Ku lissafa da ni: 30,000 da 90,000 sun kama 120,000, sun haura iyaka da 20,000. Kuɗinta suna nan, ba wanda ya taɓa. Ko dai ta biya 70,000 yau ta cika gobe, ko ta je banki a ɗaga mata iyakar.

Yanzu ku gyara zama, ga inda kuke yawan faɗuwa. Idan za ka biya kuɗi ta intanet, kamar kuɗin jarrabawar yaro, bayan ka rubuta lambobin kati banki zai turo saƙo a wayarka. A ciki akwai lamba, galibi mai alƙaluma shida, sunanta `OTP`. Ba ita ce lambar sirrinka mai alƙaluma huɗu ba. Sau ɗaya take aiki, kuma cikin 'yan mintuna take mutuwa. Saƙon yana zuwa ne kan layin da ka bayar ranar da ka buɗe asusu, don haka idan layin yana cikin wayar uwargida a gida, ko ya ɓata, zaman jira ba zai kawo shi ba.

To ga matakin. Jira saƙo ya shigo. Buɗe saƙon ƙarshe, na ƙarshe na ce, ba na jiya ba. Karanta lambar, rubuta ta a takarda idan kana tsoron mantuwa, sannan ka shigar da ita ɗaya bayan ɗaya. Kafin ka danna, sake gwada ta da saƙon. Ba laifi idan hannu ya yi rawa da farko, kowa haka ya fara.

Idan saƙo ya yi jinkiri, akwai wurin da aka rubuta `Resend`, wato a sake turowa. Danna sau ɗaya, ka jira. Da zarar an turo sabuwar lamba, tsohuwar ta tashi aiki. Wanda ya danna sau huɗu zai sami saƙo huɗu a tare, ya ɗauki na farko, a ƙi shi, ya ce banki ya cuce shi. Wane saƙo za ka buɗe? Na ƙarshe. Ku faɗa da baki: na ƙarshe. Na gaji da ganin dattawa masu hankali suna danne-danne kamar masu kiran awaki, alhali an gaya musu su jira. Kuma wannan lamba ba a karanta wa kowa ita a waya, ko da ya rantse daga banki yake. Ma'aikacin banki ba ya tambayarta.

Wani lokaci saƙon ba zai zo ba sam, sai dai ka ga 57, ko a rubuta cewa ba a yarda da cinikin ba. Sau da yawa katin ne ba a buɗe shi don sayayyar intanet ba. Ana buɗewa a manhajar banki, ko a teburin kula da abokan hulɗa. Tafi da katin shaidarka.

Banki kuma yana tsayar da kati da kansa idan ya ga abin da bai saba gani ba, kamar babban kuɗi da tsakar dare ko gwaji a jere. Kira lambar da ke bayan katinka, ka tabbatar musu kai ne.

Aikin gida: kowa ya tambayo iyakar katinsa ta rana, ya rubuto.